Hoton Ƙirjin Baba da na Ɗauka Sau Biyu

A shekarata ta huɗu a makarantar koyon ɗaukar hoton asibiti aka tura ni aikin koyo a wani asibiti a Barnawa. Daga gidanmu a Kamazou hawa biyu ne kawai a keke mai ƙafa uku, don haka na dawo gida da zama, Mama ta samu mai wanke mata kwanuka, Baba kuma ya samu abin faɗa a coci. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ji cewa 'yarsa tana ganin cikin mutum. Wasu tsofaffin ma Dokta suke kirana, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Baba ya yi shekara da shekaru yana shugabantar leburori a wata masana'anta a Kudenda kafin ya ajiye aiki, kuma dattijo ne a cocinmu. Mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Mu 'ya'yansa mata huɗu ba wadda ta taɓa ganinsa ba riga. Ko wanka zai shiga, da rigarsa yake shiga, da wata yake fitowa. Ba mu saba taɓa shi ba, shi ma bai saba taɓa mu ba. In ka miƙa masa ruwa, ka rusuna, ka ajiye, ka ja da baya. Ba mugu ba ne ko kaɗan, haka dai aka gina gidan, kuma ni da nake da baki a waje kamar reza, a gabansa muryata ƙanƙancewa take yi.

Tari ya kama shi tun farkon damina. Ya sha zuma da citta, ya sha maganin kemis, tarin yana nan. Mama ta yi mita har ta gaji, sannan wata Talata ya sa hularsa ya ce zai je asibitin 'yarsa. Likita ya saurari ƙirjinsa ya rubuta a yi hoto.

Ranar ɗakin hoto a cike yake. Shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Madam, ta tura ƙaramin inji zuwa ɗakin kwanciya don wani da ba ya iya tashi, ta bi shi. Kafin ta fita ta ce mini, “Babanki ne, kar ki bar shi a layi. Kin yi ƙirji fiye da hamsin. Ki ɗauka, in na dawo zan duba.”

Gaskiya ta faɗa, na iya ƙirji. Ana tsayar da mutum ya manna gabansa da allon da ke riƙe farantin hoto, ya ɗaga haɓa, ya ɗora bayan hannuwansa a ƙugu. Sai mai ɗauka ya zo ta baya ya kama kafaɗunsa biyu ya turo su gaba, ya daidaita su har su zauna daidai a jikin allon. Sai a koma wurin inji a saita wuta gwargwadon kaurin mutum, a ce ya ja numfashi ya riƙe, a danna. Da baƙo ne, da na juya shi yadda nake so, har da tsawa in ya motsa. Na sha yi wa manyan alhazai da matan sojoji haka, ban ji komai ba.

Baba ya shigo ya tsaya yana kallon injin. Na ce, “Baba, rigar.” Ya cire ta a hankali, ya ninke, ya bar singileti, ni kuma na mai da idona kan takardar likita kamar akwai wani sabon abu a ciki. Na nuna masa allon daga nesa. Ya je ya tsaya. Kafaɗarsa ta hagu ta daɗe da sanƙarewa tun wani buhu da ya faɗo masa a wurin aiki, saboda haka ta ƙi zuwa gaba, jikinsa duka ya karkace. Na gani da idona. Taku uku ne tsakanina da shi, abin da ya rage kawai in je in kama shi in daidaita. Hannuna ya ƙi tashi. Na tsaya a inda nake na ce, “Baba, ka ɗan matsa haka,” ya ɗan matsa wani wajen daban, na ce, “Yawwa.”

Na shige bayan katangar da ke kare mu daga wutar. Wadda aka ɗauka kafin shi wata tsohuwa ce siririya, kuma saitin da aka yi mata ne a kan injin. Ban duba ba, hankalina yana kan in gama in bar shi ya sa rigarsa. Na ce ya ja numfashi, da muryar da nake tambayarsa ko a kawo abinci. Ya fara ja, tari ya taso masa, ya sake shi, ni kuma na riga na danna.

Da na sa farantin a na'ura hoton ya fito a kwamfuta, na san bai yi ba. Ban tsaya na lissafa abin da ya lalace ba, amma ido ya san mummunan hoto. Ba wani abin kunya ba ne a sake ɗauka, kullum ana yi. Na leƙo don in ce masa ya koma, sai na ga ya riga ya sa riga yana ɓalla maɓallin wuya, yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, “Har an gama? Kai, aikin naku ba wuya.” Na ce an gama. Na ja hasken hoton sama da ƙasa a kwamfuta har ya ɗan yi kyan gani, na buga shi, na sa a ambulan. Madam ba ta dawo ba sai bayan awa guda, ta tarar da layi har bakin ƙofa, ba ta tambaya ba, ni ma ban tuna mata ba.

Ni na raka shi wurin likita. Da yake mahaifin 'yar gida ne, ba a aika hoton wurin mai karanta hotuna ba, likitan ya ɗaga shi a fitilar bango a tsaye, da mutum biyu suna jiransa. Ya ce, “Hoton bai fita sosai ba, amma ban ga wani babban abu ba. Zuciyar kamar ta ɗan yi girma, a riƙa duba hawan jini.” Ya rubuta maganin ƙwayoyin cuta na mako guda, ya ce in bai ji sauƙi ba ya dawo. Na ji rabin farko na maganarsa sarai. Baba kuwa “ban ga wani babban abu ba” kawai ya ji, shi ya kai wa Mama, kuma a ranar Lahadi Mama ta tashi a coci ta yi godiya ga Allah cewa an duba ba a ga komai ba.

Mako biyar bayan nan wasiƙar Malam ta zo.

Malam tsohon lakcara ne da ke koya mana yadda ake tsayar da mutum da yadda ake saita wuta. Yana da wata al'ada da ɗalibai ke yi wa dariya: duk ajin da ya tafi aikin koyo, in an kai tsakiya, sai ya zauna ya buga musu wasiƙa a tsohon keken rubutunsa, bayan ya duba hotunan da suka aiko masa na gwaji. Shugaban aji ya ɗauki hoton shafukan uku ya sa a guruf ɗinmu na waya. Kafin in buɗe, 'yan aji sun fara zolaya, wani ya ce wasiƙar manzo ta iso, a tashi tsaye. Ina cikin keke a hanyar gida da la'asar, an matse ni tsakanin wata mai buhun masara da ƙarfen gefe, na fara karantawa don in samu abin dariya ni ma. Da Turanci ya rubuta, amma ga abin da ya ce.

“'Ya'yana, na ga hotunanku, kuma idanuna sun wahala. Ku tuna likita ba ya ganin mara lafiya ta ciki, abin da kuka ba shi kawai yake gani. Kafin hoton ƙirji ya bar hannunku, ku yi masa tambaya uku.

“Ta farko, mutumin a miƙe yake? Ku dubi ƙasusuwan nan biyu na gindin wuya da suka tafi kafaɗa. Kawunansu na ciki su kasance nisa ɗaya daga tsakiyar ƙashin baya. In ɗaya ya fi kusa, mutumin ya karkace. To zuciya za ta gusa ta rufe wurin da bai kamata ta rufe ba, huhu ɗaya ya fi ɗaya duhu, likita ya ga ciwon da babu ko ya rasa wanda yake akwai. In ba ku turo kafaɗu gaba ba, allunan kafaɗa za su kwanta a kan huhu. Da hannu ake daidaita mutum. Wanda ya tsaya daga nesa yana ba da umarni bai fara aikin ba.

“Ta biyu, ya cika ƙirjinsa da iska? Ku ƙirga haƙarƙarin baya. Tara ko goma ya kamata ku samu a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In bakwai kuka samu, huhun a takure yake, ƙasansa ya cunkushe, zuciya kuma za ta yi kamar ta kumbura alhali lafiyarta ƙalau.

“Ta uku, wutar ta ratsa shi? Ku dubi zuciya. Ya kamata ku hango ƙashin baya ta cikinta, dishi-dishi. In zuciyar ta fito fari fat kamar bango, wutar ba ta ratsa ba, kuma ku sani akwai huhu mai yawa a bayan zuciya. Duk abin da ya zauna a wurin, kun ɓoye shi. Kada kwamfuta ta ruɗe ku. Za ta gyara muku haske, amma abin da bai isa farantin ba, ba ta da inda za ta samo shi, sai dai hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. In kuma kuka cika wuta, hoton zai iya yin kyau, amma kun ɗora wa mutum abin da bai buƙata, in ta yi yawa ƙwarai huhun ya ƙone baƙi. Ku riƙa duba lambar da ke gefen allo, ita ke faɗa muku gaskiyar wutar da ta isa.

“Ban ce ku riƙa sake hoto barkatai ba, kowace dannawa wuta ce a jikin mutum. Amma hoton da ba ya karantuwa ya fi muni, domin mutum ya sha wutar a banza, kuma ya tafi gida da kwanciyar hankalin da ba nasa ba. In likita ya ce bai ga komai ba a irin wannan hoton, gaskiya ya faɗa, bai gani ba. Wannan bai nuna babu ba.”

Ba sabon abu ko ɗaya a ciki. Duk mun rubuta su a jarrabawa, ni har na ci da maki mai kyau. Amma da na kai wurin zuciya mai kama da ta kumbura, sai na ji muryar likitan nan yana cewa kamar ta ɗan yi girma. Mai keke ya wuce mahaɗarmu ban ce ya tsaya ba, sai da na dawo da ƙafa.

Baba ba ya nan, ya tafi taron dattawa. Ambulan ɗin yana saman kwaba a ɗakinsu, ƙarƙashin akwatin takardun gida. Na ɗauko na shiga ɗakinmu na rufe ƙofa, na manna hoton a gilashin taga, rana tana bayansa. Na buɗe wasiƙar a ɗaya hannun na bi ta tambaya bayan tambaya. Ƙashin wuya na gefe ɗaya ya kusan hawa ƙashin baya, na ɗaya gefen kuwa yatsuna biyu suna shiga tsakani. Allon kafaɗar hagu yana kwance a kan huhu. Na ƙirga haƙarƙari na samu bakwai, na sake ƙirgawa daga sama ko na tsallake ɗaya, bakwai dai. Zuciyar kuwa fari fat, ba alamar ƙashin baya a cikinta. Duk ukun na faɗi, a hoto ɗaya, kuma hoton ubana.

Daga ranar na fara ganin abin da nake kallo kullum ban gani ba. Maganin ya ƙare tuntuni, tarin bai tafi ba, ya dai koma ƙasa-ƙasa. Baba ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Tuwon da yake cinyewa ya nemi ƙari, yanzu rabi yake bari, Mama tana cewa miyar ce ba ta yi masa ba. In ya hau 'yar gangaren da ke gaban coci sai ya tsaya kamar yana duba waya, alhali numfashi yake nema. Ranar Asabar ina wanki na samu hankicinsa a aljihun wando, an nannaɗe shi tam. Na buɗe. Ɗigo biyu ne, sun bushe sun yi ruwan ƙasa. Na tsaya riƙe da shi a bakin famfo har bokiti ya cika ya zube.

Mama ta ce masa ya koma asibiti kamar yadda likita ya faɗa. Ina jinsa daga kicin ya ce, “A koma a yi me? An yi hoto. 'Yarki ce ta ɗauka da hannunta, ba komai.” Tsoro na gaske ya kama ni a lokacin. Da wani ne ya ɗauka, da wataƙila Baba ya yi shakka ya nemi wani asibitin. Saboda ni ce, ya rufe maganar.

Duk da haka sai da na ƙara kwana huɗu ban ce komai ba. Ina zuwa aiki, ina kama kafaɗun baƙi ina daidaitawa kamar zan karya su, ina ƙirga haƙarƙarin kowa sau biyu. Wani tsoho ya ce, “'Yata, a hankali, ba buhu ba ne.” Ina tsoron abin da ke bayan zuciyar Baba, ina tsoron Madam, ina tsoron a rubuta wa makaranta, kuma abin kunya, tsoron fuskar Baba ya kusan fin sauran. Kowace safiya sai in ce yau, kowace yamma in dawo da maganar a bakina.

Ranar Laraba da aka samu sarari na nemo hoton a kwamfuta na kira Madam. Mace ce 'yar Filato, gajera, mai faɗa kamar me, kuma na shirya wa faɗan. Ta sa tabarau ta duba. Ta ja hasken sama, zuciyar ta watse ta zama tsakuwa-tsakuwa, ba abin da ya fito. Ta dubi lambar gefe, ta dubi sunan da ke sama, ta cire tabarau.

“Na babanki ne.”

“E, Madam.”

“Wa ya duba kafin ya fita?”

“Ba kowa.”

Ba ta yi faɗan ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Can ta ce, “Ni na ce zan duba, ban duba ba. Wannan nawa ne. Sauran naki ne, kin kuma san shi. Yaya jikinsa?” Na gaya mata maganar bel da hankici. Ba ta bari na ƙarasa ba, ta tashi ta tafi wurin likita da kanta, ta dawo da sabuwar takarda, gaba da gefe. Ta ce, “Gobe da safe. Ko ɗaukarsa za ki yi a ka, ki kawo shi.”

Da yamma na same su a baranda, Baba yana sauraron rediyo, Mama tana gyaran wake. Na rusuna. Duk hanyar keke na haddace abin da zan faɗa, kalma bayan kalma. Da ya rage muryar rediyon ya dube ni, abin da ya fito daga bakina shi ne, “Baba, an gano injinmu ya samu matsala a makon da ka zo. Duk waɗanda aka ɗauka ana kiransu a sake.”

Mama ta ajiye tire. “Kin ji ko! Inji ya lalace suna ta ɗaukar mutane. Ƙasar nan sai addu'a.”

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Ƙarfe nawa?”

Washegari Madam ta tsaya a bakin katanga ta harɗe hannu. Na ɗauka ita za ta yi, sai ta nuna mini shi da haɓa. Baba ya cire riga. Na ce, “Har singiletin, Baba,” don in ga ƙasusuwan da kyau. Ya dube ni, ya cire. Na kai shi gaban allon, na ɗaga masa haɓa da yatsuna, na kama kafaɗunsa. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe shi haka ba. Mutumin da nake ɗauka ƙato, ƙashi na ji a tafin hannuna, fatar tana motsi a kansa. Kafaɗar hagu ta ƙi zuwa, ya ɗan yi nishi, sai na sa ya rungumi allon da hannu biyu, haka ake yi wa mai ciwon kafaɗa, kuma na san haka tun wancan karon. Na shafa gindin wuyansa ta baya na tabbatar a miƙe yake. Na sa muka gwada numfashin sau biyu kafin in tafi, na jira tarin ya zo ya wuce. Na saita wuta, Madam ta duba ta gyaɗa kai. Sannan na ɗaga murya kamar yadda nake yi wa kowa: “Ja numfashi sosai! Riƙe! Kar ka motsa!” Na danna. Na juya shi gefe, hannuwa sama, na ɗauki na biyu.

Hoton yana fitowa a kwamfuta daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Ƙasusuwan wuya daidai. Haƙarƙari goma. Ƙashin baya yana bayyana ta cikin zuciya, zuciyar kuma ba ta kumbura ba ko kaɗan. A bayanta, ta hagu, ga wani dunƙule fari mai girman lemun tsami, gefensa ba santsi. Ko ɗalibin shekarar farko zai gan shi. A hoton gefe ma yana nan, a zaune. Madam ta dafa bayana ta ce a hankali, “Je ki taimaka masa da riga. Ki wanke fuskarki tukuna.”

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Aka gwada majina ba a samu tarin fuka ba, wanda na yi ta roƙon Allah ya zama shi, don shi yana da magani. Aka yi babban sikanin, aka tura mu babban asibiti, aka ɗebi tsoka aka auna. Ciwon daji ne na huhu, kuma ya riga ya taɓa wasu wurare. Na tare wani likita a baranda na tambaye shi ko mako shida da suka wuce za su canja wani abu. Ya ce irin wannan ya daɗe yana girma, mai yiwuwa ba za su canja ba. Na riƙe wannan “mai yiwuwa” ɗin, na juya shi ta kowane gefe, har yau bai zama “a'a” ba.

Wata rana muna zaune a benci muna jiran a kira shi ƙarin ruwan magani, Mama ta tafi sayo masa ayaba. Ya rame sosai a lokacin, hularsa tana yi masa yawa. Bai dube ni ba, yana kallon takalmansa, ya ce, “Abin nan, yana nan tun hoton farko?”

Na ce, “Yana nan, Baba.”

“Injin ne bai gani ba?”

Na ji kamar in tashi in gudu. Na ce, “Injin lafiyarsa ƙalau. Ni ce ban tsayar da kai daidai ba, ban duba wuta ba. Na ga hoton bai yi ba, na ji nauyin in ce ka sake cire riga.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, “Na yi shekara talatin da injuna. In inji ya lalace, ba mutum ɗaya ake kira ba. Ranar da muka koma ban ga wanda aka kira ba sai ni.” Ya yi tari, ya goge baki, ya ninke hankicin. Na jira faɗa, ko ya ce ya yafe, ko wani abu daga Littafi. Ya hango Mama tana tahowa daga bakin get da leda a hannu, sai ya ce da sauri, “Mamanki ta san inji ne. Ki bar shi a inji. Kin ji ni?”

Na ce na ji.

Ya rasu kafin damina ta zagayo. Na gama makaranta, yanzu ni ma ina da ɗalibai a ƙarƙashina, kuma ba hoton da ke fita daga ɗakina ban gani ba, ko na wane ne. Mama tana nan a Kamazou. Duk lokacin da wata a zumuntar mata ta ce za ta je hoto, sai Mama ta riƙe mata hannu ta ce ta tambaya tukuna ko injin yana da lafiya, domin wani lalataccen inji ne ya cinye wa mijinta mako shida. Sannan ta juyo gare ni, a gaban kowa, ta ce, “Ga ta nan, a wurin take aiki lokacin. Ko ba haka aka yi ba?”

Ni kuma in ce haka ne, Mama.